La'asar a Montreal, dare a Yamai

Ma'aikatan da ke aiki ɗaya, wasu a Yamai wasu a Montreal ta ƙasar Kanada, sukan haɗu a zaure guda na WhatsApp. Amma rana ba ta faɗuwa gare su lokaci ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Maris, Yamai tana gaban Montreal da awa 6, saboda haka saƙon da aka aiko daga can da ƙarfe 4 na la'asar, da ƙarfe 10 na dare yake iske mu.

Shi ya sa ya kamata a ƙayyade lokacin shiru, misali daga ƙarfe 8 na dare zuwa 7 na safe, bisa agogon mai karɓa. Mai aikawa yana iya rubutawa, amma kada ya jira amsa. Wanda aka aika wa yana da yinin aiki guda cikakke. Ganin alamar an karanta saƙo ba alkawarin amsa ba ne. In al'amarin na gaggawa ne, sai a kira da waya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ranar Juma'a. Ma'aikacin da ya tashi aiki a Yamai da ƙarfe 1 na rana, abokinsa na can bai kai ofis ba, domin ƙarfe 7 ne na safe gare shi. Tambayar da ake son amsarta cikin mako, sai a gabatar da ita tun Alhamis.

A lura kuma: ranar Lahadi ta biyu ta watan Maris, Montreal tana tura agogonta gaba, tazarar ta koma awa 5. Agogon Nijar kuwa ba ya motsi.