Me Ya Sa 384.16 Ke Zama 385 a Lissafin Samfuri?

A ce kana son sanin masu amfani da manhajarka nawa ne ke son sabon fasalinta. Ba za ka iya tambayar kowa ba, sai ka ɗebi samfuri. To, mutum nawa?

Idan kana son tabbacin kashi 95 cikin 100, kuma kada kuskure ya wuce kashi 5, ga lissafin da aka saba yi:

```
n = 1.96² × 0.5 × 0.5 / 0.05² = 384.16
```

A nan mutane da yawa ke rubuta 384, domin a makaranta an koya mana a yar da abin da bai kai rabi ba. Amma 384.16 shi ne mafi ƙarancin adadin da ake buƙata. Da mutum 384, kuskuren zai kai kashi 5.001. Bambancin ƙanƙani ne, amma ka karya sharaɗin da ka gindaya. Shi ya sa kullum sama ake cikawa: 385. A Excel yi amfani da `ROUNDUP` maimakon `ROUND`, a Python kuma `math.ceil`.

Kuskure na biyu ya shafi waɗanda ba za su amsa ba. Idan kashi 80 kake sa ran za su amsa, kada ka ƙara kashi 20 a kan 385. Hakan zai ba ka 462, kuma wajen 370 kaɗai za su amsa. Raba 385 da 0.8, ka samu 481.25, wato 482.

Wajen rubuta rahoto kuwa, yawan samfurinka shi ne waɗanda suka amsa, ba waɗanda ka tura wa tambaya ba. Rubuta adadin duka biyun, tare da matakin tabbaci da iyakar kuskure, domin mai karatu ya iya sake lissafin da kansa.