Siminti Ba Bushewa Yake Yi Ba

Magini ya zuba dakali da safe, kafin la'asar ya yi tauri, sai ka ji ana cewa ya bushe. A gaskiya ruwan bai tafi ko'ina ba, ya shige cikin garin ne sun zama abu guda.

Fiye da rabin simintin Fotland wani sinadari ne da masana ke rubuta shi C3S, haɗin farar ƙasa da silika. Da ruwa ya taɓa shi, sai saman ƙwayoyinsa ya fara narkewa, sannan komai ya lafa na sa'a ɗaya ko biyu, wato lokacin da magini ke kwaɓawa da zubawa. Bayan nan sai wasu zarurruka ƙanana, C-S-H, su yi ta tsiro daga kowace ƙwaya suna sarƙe juna, har su ɗaure yashi da tsakuwa. Aikin yana fitar da zafi, shi ya sa kankare mai kauri yake ɗumi.

Buhu mai kilo 50 yana haɗiye ruwa wajen lita 12 a wannan haɗuwa, amma akan zuba fiye da haka don kwaɓin ya juyu. Idan rarar ta yi yawa, tana ƙafewa ta bar ramuka, kankaren ya yi rauni. Idan kuma rana da iskar hunturu suka kwashe ruwan da wuri, aikin ya tsaya ke nan: saman ya tsattsage, ka murza da yatsa ya yi gari.

Don haka a riƙa ba sabon zubi ruwa aƙalla mako guda. Sai a kwana 28 injiniyoyi ke auna ƙarfinsa.