Nunar da Afarara Kafin Kaɗa Man Shanu

Afarara, wato maiƙon da ke tasowa saman madara, ba a cika kaɗa ta nan take ba. Akan ajiye ta na wasu sa'o'i ta nuna tukuna. A wannan zaman abu biyu ke faruwa: ƙwayoyin bakteriya suna tsamar da ita, sanyi kuma yana daskarar da wani sashe na maiƙonta. Na farko shi ke kawo ɗanɗano, na biyu kuwa shi ya fi tasiri a kan yawan man da za a kwasa.

A masana'anta ana fara dafa afarara a zafin digiri 85 zuwa 95 na Salshiyos don kashe ƙwayoyin da ke ciki, a huce ta zuwa kimanin digiri 20, sannan a zuba mata iri, wato bakteriyar da aka raina musamman. Ta kan kwana a haka. Wasu daga cikin ƙwayoyin suna cin sukarin madara su mayar da shi asid ɗin laktik, har ma'aunin pH ya sauko daga wajen 6.6 zuwa kusan 5 ko ƙasa kaɗan. Wasu kuma, irin su Lukonostok, suna sarrafa sitrat ɗin da ke cikin madara su fitar da sinadarin dayasetil. Ɗan kaɗan ne ƙwarai yake samuwa, amma shi ne ƙamshin nan da hanci ke shaida man shanu da shi tun daga nesa. Man da aka kaɗa daga afarara mai zaƙi ɗanɗanonsa lami ne, kusa da na madara. Matar Bafulatani da ke barin madara ta kwana a ƙwaryar da ta saba da nono wannan aikin take yi, sai dai irinta yana cikin ƙwaryar ne da ragowar nonon jiya.

Batun yawa yana buƙatar a san yadda mai yake a cikin afarara. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ido ba ya gani, kowanne da siririyar fatar da ta lulluɓe shi. Kaɗawa tana fasa fatar, ɗigon su manne da juna har su zama curi. Tsami yana raunana wannan fata, don haka afarara mai tsami ta fi saurin fashewa, kuma maiƙon da ke bin ruwan nono ya kan ragu.

Sai dai mannewar ba ta yiwuwa da kyau idan maiƙon duk ya narke. Dole wani sashe ya daskare, wani ya zauna ruwa-ruwa ya zama danƙon da zai haɗa su. Shi ya sa bayan tsami ake sanyaya afarara na sa'o'i da dama, a kaɗa ta tsakanin digiri 8 zuwa 14. In ta yi ɗumi, man zai fito da wuri amma ya yi laushi, ya riƙe ruwa, ruwan nonon kuma ya fito da kauri da maiƙo. In sanyi ya yi yawa, sai ta yi ta kumfa, a daɗe ana kaɗawa ba ta fashe ba. Masu kaɗa nono da sanyin asuba, da masu yayyafa ruwan randa lokacin da man ya fara tsatsafowa, suna kan hanya daidai.

A ɗauki misalin afarara kilo 10 mai maiƙo kashi 40 cikin ɗari, wato kilo 4 na maiƙo. Tunda man shanu kusan kashi 82 cikin ɗari ne maiƙo, za a samu wajen kilo 4.8 na mai da kimanin kilo 5 na ruwan nono. Idan ta nuna sosai, ruwan ya tafi da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, asarar giram 25 ce. Idan aka kaɗa ta da ɗumi har ya tafi da kashi 2, asarar ta kai giram 100. Bambancin ya kusan giram 90 na man shanu a kaɗawa ɗaya, kuma ga mai yin wannan kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Tsami yana da iyaka. Afararar da ta zarce ta kan yi kauri, furotin ɗinta ya guntse ya maƙale cikin man a matsayin fararen ɗigo, daga baya ya kawo wari irin na cuku. Man da ya yi tsami sosai kuma aka sa masa gishiri ya fi saurin yin ƙarni a ajiya, musamman in ya taɓa tukunyar tagulla. Ga kuma ruwan nono mai tsami da masana'antu ke wahalar sarrafawa. Wannan ya sa cibiyar binciken madara ta NIZO a ƙasar Holan ta fito da wata hanya a shekarun 1970: a kaɗa afarara da zaƙinta, sannan a cuɗa iri da asid ɗin laktik cikin man bayan an tace ruwan. Yawancin man shanu mai tsami na manyan masana'antun Turai a yau ta wannan hanya ake yin sa.