Yadda ake karanta kacici-kacicin zane

Kowace uwa a unguwar Limawa ta iya aiken yaro ɗaki. Tana tsakar gida hannunta dumu-dumu da ƙullu, sai ta ɗaga murya: "Kai Auta, shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai kwalla, cikin kwallar akwai ƙaramar samira, a kan murfinta za ka ga ƙullin daddawa." Yaro ya shiga, ya fito da daddawa. To duba maganar nan da kyau. Gado da kwalla da samira kaya ne, ido na ganinsu, hannu na taɓa su. Amma abin da ya kai yaron ga daddawa su ne 'yan kalmomin nan marasa jiki: ƙarƙashin, cikin, kan, ƙaramar. Ka zare su, ka bar shi da gado, kwalla, samira, sai ya wuni yana birkita ɗakin uwarsa.

Kacici-kacicin zane, irin wanda ake jera hotuna da haruffa a ce ka faɗi maganar da suke nufi, aiken nan ne aka juya shi. Mai shirya shi ya gyara maka ɗakin, ya ajiye kowane abu a inda yake so, sannan ya kame bakinsa. Kai ne za ka shiga, ka duba, ka fito ka maimaita kwatancen da uwar ba ta yi ba. Yawancin waɗanda ke yawo a wayoyinmu da Turanci suke zuwa, shi ya sa wasu ke ɗauka wasan Bature ne. Hausa ma tana yi, har da sauƙi, don bakinmu cike yake da kan da cikin da bayan.

Ga na farko. An rubuta BA a sama, an ja layi, an rubuta O a ƙasa:

BA
—
O

Mai gaggawa zai karanta "bao", ya ce shirme ne. Ya yi irin na yaron da ya leƙa ɗaki ya dawo ya ce, "Inna, na ga gado, na ga kwalla." An san ka gani, ina suke zaune? Buɗe baki ka faɗi abin da ke gabanka kamar kana yi wa makaho kwatance: BA ne a kan O. BA kan O. Maimaita da sauri, kunnenka zai riga idonka ganewa. Bakano! Layin nan da ka ɗauka ado ne, shi ne tsakiyar kalmar. Da zarar ka kama wannan, an ba ka mabuɗin ɗakuna da yawa. A a saman O ya zama "a Kano". MA a saman TA, makanta. JAR a saman WA, jar kanwa. Sai dai a faɗa da baki, ko da raɗa ne, don wasan nan ba ya warwaruwa a zuci.

Na biyu ya fi wannan ɓoye kansa. An rubuta kalma ɗaya doguwa: RUALLURAWA. Da gani sai ka ce sunan wata ƙabila ce, ga "awa" a ƙarshe kamar Kanawa da Limawa. Idan ka haɗu da doguwar kalma wadda ba Hausa ba, ka zaci kwalla ce an rufe wani abu a ciki, kuma ba a buɗe kwalla ta gindi. Duba tsakiya tukuna, ko akwai kalmar da ka sani tana zaune lafiyarta ƙalau. Ga ALLURA nan, harafi shida, babu wanda ya goce. Ɗauke ta. Me ya rage? RU a hagu, WA a dama. Haɗa murfi da gindi, ka sami RUWA. Yanzu yi kwatancen: allura a cikin ruwa. Bahaushe ba ya bari a ƙarasa masa, da kansa zai ce mai rabo ka ɗauka.

A nan ne ake gane amsa ta gari. Haruffa goma aka ba ka, shida sun tafi ga allura, huɗu ga ruwa, ba saura. Wanda ya hango "lura" a tsakiyar kalmar bai yi ƙarya ba, tana nan, amma in ya ɗauke ta zai bar RUAL da WA suna kallonsa, kuma "rualwa" ba komai ba ce. An aike shi da kuɗi ya dawo canji bai cika ba. Sharaɗi na biyu kuwa, abin da ka samu ya zama magana ce da mutane ke faɗa: karin magana, sunan gari, sunan mutum, wata sara. In sai ka yi dogon bayani kafin a yarda da amsarka, koma ɗakin.

Girman kaya ma magana ne, kamar yadda ƙaramar samira ba babbar ba ce. Ka ga farar takarda fetal, can a tsakiya an rubuta SANI ɗan mitsitsi, kada ka ce biron mai rubutu ne ya gaza. Ƙaramin sani ke nan, wanda aka ce ƙuƙumi ne. Launi haka. HUN da jan biro, faɗi launin ka ɗora haruffan, sai ga ka a Jahun ba ka hau mota ba.

Inda Hausa ke da nata tarkon shi ne maimaici. An zana gida, an sake zana wani gidan a gefensa. Mai ƙirga zai ce gida biyu. Amma mu mutane ne masu ninka kalma, muna cewa maza-maza, sannu-sannu, don haka wani zai ce gida-gida, kamar masu rigakafi, kuma ba za ka ce ya yi kuskure ba. Mai shirya wasan da ya san aikinsa zai ƙara kaya a ɗakin: ƙwayar magani, da harshen wuta. Nan gardama ta ƙare, gida biyu maganin gobara. Wanda bai ƙara komai ba shi ya jawo rigimar. Ka rubuta SHA sau biyu, kowa zai ce sha biyu, a yi dariya a wuce. Ka rubuta shi sau uku ka miƙa wa surukinka, kana nufin sha uku, shi kuwa ya karanta shashasha, sai ka nemi masu ba da haƙuri.

Hotuna kuma aron suna ake yi musu. Ba ruwan wasan da abin da aka zana, sunansa ake so. A ƙananan hukumomi 27 na Jigawa akwai waɗanda hoto ɗaya ya ishe su. Zana gwiwar mutum, ka sami Gwiwa. Zana mutum saɓe da gatari, ka sami Maigatari. Wannan dabara ta girmi takarda. A Masar an tono wani allon dutse a 1898, wanda ya haura shekara 5000, na wani sarki da ake kira Narmar. Da masu sassaƙa suka zo rubuta sunansa, sai suka zana tarwaɗa da cizal irin na masassaƙi, domin sunayen abubuwan biyu a harshensu, in aka haɗa, suna ba da sautin sunan sarkin. Sarki bai sayar da kifi ba, aron bakin tarwaɗar kawai aka yi.

To amma aron suna a Hausa sai da lura, saboda rubutun boko yana ɓoye abubuwa biyu da baki ke bayyanawa: tsawon wasali da hawa da saukar murya. Garin tuwo da garin Dutse duk "gari" ake rubuta su, alhali a baki na tuwo ana jan wasalinsa na farko. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, haruffansu ɗaya, muryarsu dabam. Saboda haka in ka faɗi sunan hoto ka ji bai shiga ba, kada ka yar da shi. Rubuta shi, ka dubi haruffan, ka tambayi kanka wace kalma ce kuma ke sa wannan rigar. Hoton wuyan mutum, sai kalmar DAƊI biye da shi: bayan wuya sai daɗi. Ni dai ina karɓar irin wannan aro, don mai karanta boko ya saba da shi tun aji ɗaya. Wanda ba na karɓa shi ne a zana baki a ce ana nufin baƙi, ko a zana ƙafa a ce kafa. Lanƙwasar nan ta ƙ harafi ce mai zaman kanta, kuma wayar da ba ta da ita ba ta isa ta soke ta ba.

Misalin wuyan nan yana da wani ƙulli. Daɗi yana bayan wuya ne ko yana gabanta? In lokaci kake bi, ya zo daga baya. In kuwa tafiyar ido kake bi a kan layi, yana gaba, kamar yadda malami ke cewa "karanta na gaba". Ga kuma wanda ya fara da allo, idonsa ya saba tashi daga dama, shi a wajensa daɗin ne ma ya fara zuwa. Uwa ma takan ce "bayan randa" yaro ya duba ta inda bai kamata ba, don bayan randa ya danganta da inda ka tsaya. Maganin abin shi ne ka gwada duka biyun da baki. "Gaban wuya daɗi" ba wanda ya taɓa jin ta, ɗayar kuwa ko yaro ya haddace.

Wani lokaci laifin na sunan hoton ne tun farko. An zana dabbar nan mai kama ɓera, kai ka ce kyanwa, maƙwabcinka ya ce mage, Basakkwace ya ce mussa. In mai shirya wasan mage yake nufi, don ya samu MA da GE, kai kuma ka maƙale wa kyanwa, za ka kwana a nan har ka ba da gari. Kowane hoto ka kira shi da duk sunan da ka san ana kiransa, ka gwada na jinsi da na ɗaiɗai: tsuntsu ne ko kurciya, hatsi ne ko gero.

Wanda ya fi ba mutane wahala shi ne wanda aka aike ka ɗauko abin da babu. An rubuta HAUSA a gefen dama na takarda, hagunta fili, sai wata kibiya tana nuna filin. Mutane sukan zuba wa kalmar ido, su juya ta, su karanta ta daga ƙarshe, su ƙirga haruffanta biyar. Kibiyar kuwa ba kalmar take nunawa ba. Tambayi kanka ina ne wurin nan da take nunawa, ka amsa yadda za ka amsa wa mai neman shago a kan titi: kafin ka kai HAUSA. Kafin Hausa, ta ƙasar Haɗeja.