Abin da Ya Kamata a Rubuta a Jikin Gashin Kanti

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai sayar da gashin kanti da mai saye, daga bayanin kayan take farawa. Abu na farko da za a rubuta shi ne irin gashin. Na mutum yana ɗaukar rini da zafin ƙarfen miƙe gashi, na roba kuwa, sai dai wanda aka yi don jure zafi, narkewa yake yi. In aka ƙona sili ɗaya, na mutum zai zama toka mai ƙaurin gashi, na roba ya dunƙule ya taurare.

Tsawo ne ya fi yaudarar mata. Da inci ake aunawa, kuma sai an miƙe gashin, don haka mai lanƙwasa na inci 20 zai iya tsayawa a kai kamar inci 16 ko 17. Mai shago na gari zai faɗi wannan tun kafin a biya kuɗi. Cikar hular gashi kuma da kashi cikin ɗari ake faɗinta: 130 ta yi kusa da sumar mutum, 180 tana da cika da nauyi, ga zafi a watan Afrilu. Ƙulli ɗaya na gashin ƙari yakan kai giram 100, kai guda kuma yakan ci uku.

Wanki da ruwan ɗumi-ɗumi ake yi, a taje daga ƙasa zuwa sama, a bar shi ya bushe a inuwa.

Sai dokar mayarwa, wadda ya kamata a manna inda kowa zai gani: hular da aka sa a kai, ko aka yanke ragarta ta goshi, ko aka shafa mata gam ko turare, ba a karɓarta. Dalilin lafiya ne, domin ƙwarƙwata da makero suna bin abin da ya taɓa fatar kai. Wadda ke cikin ledarta da tambarinta, ana iya musanyawa cikin kwanakin da shagon ya rubuta a rasit.