Bin sawun nauyi a ginin Gotik

Ɗalibin zanen gine-gine da jarrabawa ta ƙarato masa, idan ya zo kan majami'un Gotik na Faransa, yakan ɓata dare yana haddace sunaye da shekaru. Alhali tambaya ɗaya ce malami ke juyawa ta fuskoki daban-daban: rufin dutse yana can sama da mita 40, bangon kuma kusan duk tagogin gilashi ne, to ta ina nauyin ke bi ya sauka ƙasa?

Amsar tana farawa ne daga halin dutse. Dutse yana jure danniya, amma ba ya jure ja. Shi ya sa magina suke jera shi baka, kowane dutse yana danne maƙwabcinsa. Sai dai baka yana da wani hali: bayan danna ƙasa da yake yi, ƙafafunsa biyu suna tura bango waje, kamar mutumin da ya buɗe ƙafa a kan santsi.

A nan ne baka mai tsini ya shigo. A ɗauki ɗaki mai faɗin mita 12 da tsawon mita 6. Baka mai rabin da'ira tsayinsa dole ya zama rabin faɗinsa, don haka na gefen mita 12 zai tashi mita 6, na gefen mita 6 ya tsaya a mita 3. Kawunansu ba za su daidaita ba, rufin ya fito a karkace. Mai tsini kuwa magini ne ke zaɓar masa tsayi, sai ya ɗaga ƙaramin ya kamo babban. Ga kuma riba ta biyu: idan faɗi da nauyi ba su canza ba, ninka tsayin baka yana rage turin gefe da kusan rabi. Kalmar da za a riƙe ita ce ragewa. Wanda ya rubuta cewa tsini yana kawar da turin ya zubar da maki.

Turawa ba su ne suka fara wannan baka ba. Yana nan a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, wanda aka kammala a 879, tun kafin aikin da Suger ya sa aka yi a Saint-Denis, wanda aka buɗe a 1144.

Sai haƙarƙarin rufi, wato bakunan da ke gittawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya ga bakan gizo na Babban Gwani zai gane siffar nan take, ko da yake namu na ƙasa ne da azara a ciki, aikinsa daban. Rufi mai gicciye yana tara nauyinsa a kusurwoyi huɗu, inda ginshiƙai suke. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi bango ba ya ɗauke da rufin, shi ya sa aka iya huda shi a sa gilashi.

To amma turin da ya taru a kan dogon ginshiƙi siriri zai kifar da shi. Maganinsa tokari ne daga waje: rabin baka da ke tashi daga bangon sama, ya tsallake rufin barandar gefe, ya miƙa turin ga wani ƙaton madogarin dutse. Aikinsa kai turin gefe ne, nauyin da ke sauka tsaye na ginshiƙi ne. A manyan majami'u akan ga tokari hawa biyu: na ƙasa yana karɓar turin rufin dutse, na sama yana tare bugun iska a kan dogon rufin katako. Ƙaramar hasumiyar da ke kan madogarin ma tana da aiki bayan ado, domin nauyinta yana danne duwatsun sama kada turin ya zamar da su.

Iyakar wannan dabara ta bayyana a Beauvais. An fara ginin a 1225, rufinsa ya kai mita 48, ya ɗara na Amiens mai mita 42. A 1284 wani sashe na rufin ya rufta. Da aka zo gyara, sai aka cusa sababbin ginshiƙai a tsakanin tsofaffin, aka rage tazarar da kowane baka ke ɗauka. Ko Amiens ma sai da aka ɗaure ta da sarƙar ƙarfe wajen ƙarshen ƙarni na 15, saboda ginshiƙanta sun fara buɗewa. Alamun irin wannan ciwo su ne ginshiƙi ya karkata waje daga sama, tsaga ta bi tsakiyar rufi.

A ɗakin jarrabawa, zane ɗaya na ginin a yanke ya fi shafi biyu na bayani, muddin an ja kibiya daga kan rufi zuwa haƙarƙari, ta rabu biyu a kan ginshiƙi: ɗaya ta sauka tsaye, ɗaya ta bi tokari zuwa madogari har ƙasa.