Yadda Lauya Ke Tace Wasiƙar Neman Biyan Bashi

Wasiƙar neman biya ita ce takardar da lauya ke aika wa wanda ake bi bashi kafin a shigar da ƙara. Sunan wanda ake bi ne a samanta, amma ƙwararren lauya yakan rubuta ta da alƙali a zuciyarsa, domin idan sulhu ya gagara, tana cikin takardun farko da za a miƙa wa kotu. A kotunan ƙananan basussuka, waɗanda Legas ta fara buɗewa a 2018, Kano ta biyo baya, sai an nuna an aika irin wannan wasiƙa kafin a karɓi ƙara.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwar Dawanau da ya ba wani kamfanin abincin kaji masara buhu 200, kowane buhu naira 40,000, a kan za a biya cikin kwana 30. Kamfanin ya ba da miliyan 3, daga nan ya yi ɗif. Rubutun farko yakan fito da zafin mai kaya: yadda aka yi ta yi masa yawo da hankali, yadda manaja ya daina ɗaga waya, da tarihin mutuncin da ke tsakaninsu. Duk gaskiya ne, amma yawancinsa ba shi da gurbi a wasiƙar.

Tacewa tana farawa da jera abin da ya faru bisa kwanan wata, kowane batu a sakin layinsa mai lamba. An kai kaya ranar 3 ga Maris, ma'ajin kamfani ya sa hannu a takardar karɓa. Jimillar kuɗi naira miliyan 8. Wa'adin biya ya cika ranar 2 ga Afrilu. An turo miliyan 3 ta banki ranar 10 ga Afrilu, saura miliyan 5. Duk maganar da babu rasit, ko takardar banki, ko saƙon waya, ko shaidar da zai tsaya mata, gara a cire ta. Nan ne ake yawan tuntuɓe: mai kaya ya matsa a rubuta miliyan 8 don a razana kamfani, a ɓoye abin da aka riga aka biya. Lauyan ɗaya ɓangaren zai fito da shaidar turo kuɗin, shi ke nan an fara shakkar sauran abin da wasiƙar ta ƙunsa.

Bayan nan sai madogarar doka, kuma jimla biyu ko uku sun isa: an ƙulla ciniki, mai kaya ya cika nasa alkawari, mai saye ya karɓi kaya bai cika biya ba, don haka ya saɓa yarjejeniya. Jero sunayen tsofaffin shari'o'i ba ya ƙara wa wasiƙa nauyi. Kuɗin ruwa kuwa ba a nemansa da ka, sai in yarjejeniya ko doka ko sananniyar al'adar cinikin ta tanade shi.

Wa'adi dole ya zama abin da za a iya nunawa a kalanda. "Cikin gaggawa" ba wa'adi ba ne. Ko "cikin kwana 14" yana jawo gardama: daga ranar rubutu, ko daga ranar karɓa? Mafi tsabta a ce a biya naira 5,000,000 a asusu kaza kafin ƙarfe 4 na yammacin 30 ga Mayu, in ba haka ba za a shigar da ƙara ba tare da sake sanarwa ba. A kuma adana shaidar cewa wasiƙar ta isa hannu.

Harshen wasiƙa shi ne abin da ya fi wuyar riƙewa. Kalmomi irin su "ɓarawo" da "ɗan damfara" ba sa kawo ko sisi, kuma idan aka aika kwafi ga bankin mutum ko abokan cinikinsa, suna iya haifar da ƙarar ɓata suna. Barazanar kai shi wurin 'yan sanda ma fanko ce a bashin ciniki zalla, tunda sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Cekin da banki ya mayar saboda babu kuɗi a asusu daban ne, yana da dokarsa ta 1977.

Akwai kuma kuskuren da wasu ke yi bisa sabo, na buga "Without Prejudice" a saman kowace wasiƙa. Wannan tambari na tayin sulhu ne, kuma sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana gabatar da abin da aka faɗa ƙarƙashinsa wajen sasantawa. Wasiƙar da ake son alƙali ya karanta a bar ta ba tambari. Idan mai kaya yana shirye ya yi rangwame, a rubuta tayin a takarda dabam.

Aika wasiƙa ba ya tsayar da lissafin wa'adin shigar da ƙara. A Legas da Abuja shekara 6 ne ga bashin yarjejeniya ta yau da kullum, a wasu jihohi kuma shekara 5.